Na warke daga tarin fuka amma kaki bai tsaya ba: mene ne bronkiyektasis?

Assalamu alaikum, Likita. Ni mace ce mai shekara 34, da 'ya'ya huɗu. Shekara shida da suka wuce na yi tarin fuka, na sha maganin wata shida cif, aka ce na warke. Amma har yau kullum da asuba sai na fitar da kaki mai kauri wajen rabin kofin shayi, wani lokaci ruwan ɗorawa, wani lokaci kore mai wari, sau biyu ma na ga jini a ciki. An sake gwada ni, an ce babu tarin fuka. Idan abin ya tsananta nakan sayi maganin ƙwayoyin cuta a kemis in sha kwana uku ko huɗu, ya lafa, bayan wata biyu ya dawo. Kwanan nan aka yi mini hoton ƙirji na siti sikan, likita ya ce ciwon sunansa bronkiyektasis kuma ba ya warkewa. Dangin mijina sun daina cin abinci tare da ni. Me ya kawo mini wannan, kuma yaya zan yi? Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ne. Zan fara da maganar dangin mijinki, domin ita ce mafi gajartar amsa: bronkiyektasis ba ciwo ne da ake ɗauka daga wani ba. Lalacewa ce da ta samu bututun iska na cikin huhu, kuma lalacewar gaɓa ba ta tsallakawa zuwa jikin wani ta hanyar kwano ko cokali ko zama a ɗaki ɗaya. Muddin gwaji ya tabbatar babu tarin fuka mai rai a jikinki, babu wani dalili na lafiya da zai sa a ware miki kwano. Idan da hali, ki tafi da maigidanki ganin likita na gaba ya ji wannan da kunnensa, domin maganar da ta fito daga bakinsa za ta fi shiga kunnen 'yan'uwansa fiye da taki.

Domin ki gane abin da ya faru, sai kin san yadda huhu mai lafiya yake tsabtace kansa. Iskar da muke shaƙa tana bi ta maƙogwaro ta gangara cikin bututu da ke rarrabuwa, suna ƙara sirancewa har su kai ga ƙananan jakunkunan da jini ke karɓar iska a cikinsu. Cikin waɗannan bututu a shafe yake da wata 'yar majina mara kauri wadda ke kama ƙura da ƙwayoyin cuta, a ƙarƙashinta kuma akwai wasu gasu ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani, da ke kaɗawa dare da rana suna tura majinar zuwa sama. Mai lafiya yana haɗiye ta ba tare da ya sani ba. Idan ciwo mai tsanani ya daɗe a huhu, kamar yadda tarin fuka yake yi, yakan cinye tsoka da guringuntsin da ke riƙe da bangon bututun, ya kashe gasun, sannan tabon da ya bari a kewaye ya ja bututun ya buɗe fiye da ƙima. Sai a sami bututu mai faɗi, mai kaurin bango, wanda ba ya iya share kansa. Abin ya yi kama da kwata da ta rufta ta yi rami a tsakiya: ruwa yana shiga amma ba ya wucewa, kuma duk ruwan da ya kwanta dole ya ruɓe. Kakin da ya kwanta ya zama gidan ƙwayoyin cuta, jiki ya turo fararen ƙwayoyin jini su yaƙe su, sinadaran da waɗannan fararen ƙwayoyi ke fitarwa su ƙara ƙona bangon bututun, bututun ya ƙara lalacewa, kaki ya ƙara taruwa. Koren launin da kike gani ma daga wani sinadari ne na waɗannan fararen ƙwayoyin jini, shi ya sa launin kaki yake nuna yawan kumburin da ke ciki. Yawansa da asuba kuwa, dalilinsa shi ne ya kwana yana taruwa kina kwance ba kya tari, da kin tashi zaune sai ya motsa.

A wajenki, tarin fukan da kika yi shi ne mafi kusa da zama sanadi, kuma a ƙasashe irin namu inda wannan cuta ta yi yawa, yana cikin manyan abubuwan da ke kawo bronkiyektasis. Magani ya kashe ƙwayar cutar, amma bai gyara ɓarnar da ta riga ta yi ba. Sai dai ba shi kaɗai ne sanadi ba, kuma likita mai lura yakan duba sauran, domin wasunsu suna da maganin kansu. Ƙyanda mai tsanani, tarin shiƙa da nimoniya a lokacin yarinta suna barin irin wannan tabo. Raunin garkuwar jiki, ko na cutar ƙanjamau ko na ƙarancin sinadaran kariya a jini, yana sa ciwon huhu ya riƙa maimaituwa har bututu su lalace. Akwai masu asma da jikinsu ke yin borin wani naman gwari da ake kira Asfajilus, wanda ake gano shi da gwajin jini kuma ake magance shi ta wata hanya dabam. Akwai amosanin gaɓɓai mai kumbura yatsu, da dawowar abin cikin ciki zuwa maƙogwaro yana zubewa a huhu da dare, da kuma yaron da ya shaƙe ƙwayar gyaɗa ta maƙale a bututu ɗaya ba a sani ba. A wasu mutane masu yawa, duk binciken da za a yi ba a gano komai. Ina ba ki shawara ki nemi a yi miki gwajin ƙanjamau da ƙidayar jini da gwajin Asfajilus idan ba a yi ba, ba don ina zargin wani abu ba, sai don haka tsarin binciken yake ga kowa.

Akwai wani tarko da masu irin tarihinki suke yawan faɗawa, kuma ina so ki san shi. Mutum ya zo da tari da kaki da ɗan jini, hoton ƙirjinsa ya nuna tsohon tabo a saman huhu, sai a mayar da shi kan maganin tarin fuka karo na biyu, wani har na uku, alhali ba ita ce ta dawo ba. Gwajin kaki na GeneXpert da ake gano tarin fuka da shi ma, duk da ingancinsa, yana gano ƙwayar halittar cutar ne, ba ya bambance mai rai da matacciya, don haka yana iya nuna akwai cuta a jikin wanda ya warke, wani lokaci har bayan shekaru. Ba ina cewa tarin fuka ba ta dawowa ba. Tana dawowa, kuma wanda ya taɓa yi ya fi kowa haɗarin sake kamuwa. Idan kika ga rama, da gumin dare, da zazzaɓin yamma na makonni, dole a sake gwadawa. Amma hukuncin komawa kan wannan magani ya kamata ya fito daga likitan da ya haɗa alamomi da hoto da gwajin shuka kaki, wanda shi ne yake nuna ƙwayar cuta mai rai.

Da likitanki ya ce ciwon ba ya warkewa, gaskiya ya faɗa, amma rabinta. Bututun da ya buɗe ba zai koma yadda yake ba. Abin da ake iya yi shi ne hana ɓarnar yaɗuwa zuwa sassan huhu masu lafiya, rage yawan tashin ciwon, da rage kakin har ki yi harkokinki ba tare da fargabar tari a gaban mutane ba. Kuma babban makamin wannan aiki ba ƙwaya ba ne. Tun da gasun da ke share bututun sun mutu, ke ce za ki yi musu aikinsu da kanki kowace rana, ko kina jin lafiya ko ba kya ji. A ganina wannan ne abin da aka fi tauye wa marasa lafiyarmu: ana rubuta musu magani, amma ba a zaunar da su an koya musu fitar da kaki.

Ga yadda ake yi. Ki zauna a kan kujera ki saki kafaɗunki, ki ɗora hannu ɗaya a kan cikinki, ki yi numfashi a hankali ta hanci na kamar daƙiƙa 20 zuwa 30, kina jin cikin yana tashi yana sauka. Daga nan sai ki ja dogon numfashi a hankali har ƙirji ya cika, ki riƙe shi kina ƙirga ɗaya, biyu, uku, sannan ki sake shi ba tare da turawa ba. Ki yi haka sau uku ko huɗu, kada ki wuce, domin jiri zai iya ɗibar ki. Amfanin riƙe numfashin shi ne iska ta sami lokacin zagayawa ta ƙananan hanyoyin gefe ta shiga bayan kakin da ya toshe bututu, ta yadda idan za ta fito sai ta turo shi. Ki koma numfashi mai laushi ki huta. Sai mataki na uku, wanda ya fi kowanne muhimmanci kuma aka fi kuskurensa: ki ja matsakaicin numfashi, ki buɗe baki sosai, ki fitar da iskar da ɗan ƙarfi daga ƙirji da ciki da sautin "haaa" mai tsawo, maƙogwaro a buɗe. Hanyar gwada ko kin yi daidai ita ce ki riƙe madubi a gaban bakinki, idan ya yi raɓa to kin yi. Idan kika ji ƙarar kaki tana gurgura a ƙirji, ya fara tasowa ke nan. Idan kuwa shewa kika ji, to kin matsa da yawa, bututun sun tsuke, sai ki rage ƙarfi. Bayan irin wannan huci ɗaya ko biyu, idan kakin ya iso sama, ki ja babban numfashi ki yi gajeren huci mai ƙarfi, sannan ki yi tari sau ɗaya ko biyu ki tofar a mazubi mai murfi. Ki sake komawa farko.

Dalilin da ya sa huci ya fi tari shi ne, tari mai ƙarfi yana matse bututun da bangonsu ya riga ya yi rauni har su rufe, kakin ya maƙale a baya, ke kuma ki gaji ki yi ciwon haƙarƙari a banza. Ga mace da ta haihu sau huɗu, yawan tari mai ƙarfi yakan jawo ɗigar fitsari, abin da mata da yawa suke ɓoyewa saboda kunya har su riƙa danne tarin. Idan yana faruwa gare ki, ki gaya wa likita ko ma'aikaciyar sashen fisiyo, wato sashen jinya ta hanyar motsa jiki, akwai atisayen tsokar ƙasan mara da ke taimakawa.

Ki riƙa maimaita wannan zagaye na tsawon minti 10 zuwa 30, har sai kin yi zagaye biyu a jere ba abin da ya fito, ko kin gaji. Da yawan kakin da kike fitarwa, sau biyu a rana ya dace da ke: bayan sallar asuba kafin karin kumallo, da kuma da dare kafin kwanciya, amma a bar aƙalla awa ɗaya ko biyu bayan cin abinci. Ki tambayi likitanki wane ɓangare ne hoton ya nuna ya lalace, domin kwanciya tana taimakawa: idan huhun dama ne, ki yi atisayen kina kwance a kan gefen hagu, sashen da ya lalace yana sama, kakin ya gangaro zuwa babban bututu. Idan saman huhu ne, inda tarin fuka ta fi yin ɓarna, zama a miƙe ya wadatar. Kwanciyar da ake sa kai ƙasa da ƙugu ba ta dace da mai ƙwannafi, ko ciwon zuciya, ko mai ciki, ko wadda ta ga jini a kaki kwanan nan ba. Karatu ba ya maye gurbin gani da ido, don haka ki nemi a tura ki sashen fisiyo, kamar na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, a duba yadda kike yi a gyara miki.

Idan kakin ya yi kauri ya ƙi fitowa, fara duba shan ruwa, musamman a lokacin hunturu da lokacin azumi, inda ya kamata ki sha isasshe tsakanin buɗa baki da sahur. Likita yana iya rubuta miki ruwan gishiri na asibiti mai ƙarfin kashi 3 zuwa 7 cikin ɗari, wanda ake shaƙa da nebulaiza, na'urar da ke mayar da ruwan magani kamar tururi, kafin atisayen. Yana iya tsuke ƙirji, saboda haka ana gwada shi karo na farko a asibiti, kuma akan fara shaƙar salbutamol, maganin buɗe bututun iska, kafinsa. Kada ki haɗa ruwan gishiri a gida ki zuba a na'ura. Tafiya da sauri ta rabin awa a yawancin ranakun mako ita ma tana motsa kaki. Ki guji magungunan kwantar da tari, musamman masu kodin, domin tarin da kike yi yana da aiki, danne shi kuwa kulle kakin ne a ciki. Hayaƙin itace a rufaffen kicin, turaren wuta mai yawa a ɗaki da maganin sauro na kunnawa duk suna ƙara fusata bututun.

Yanzu maganar tashin ciwon. Abu na farko shi ne ki san yadda kike a ranar da kike lafiya: nawa ne kakin, wane launi ne, kuma tafiyar yaya kike yi kafin ki yi haki. Kaki mai ruwan ɗorawa a kullum, ga mai irin ciwonki, ba shi ne dalilin shan maganin ƙwayoyin cuta ba. Likitoci suna cewa ciwon ya tashi idan aƙalla uku daga cikin abubuwa shida suka tsananta na tsawon kwana biyu ko fiye: tari, yawan kaki ko kaurinsa, launinsa, haki, kasala, da ganin jini. Mu ɗauka ranar Litinin rabin kofin nan ya zama kofi guda, launin ya koma kore shar, ranar Talata kika ga shara kaɗan tana sa ki haki kuma jiki ya mutu. Ranar Laraba da safe, bayan kin kurkure baki da ruwa, ki fitar da kaki daga can ƙirji, ba yawu ba, a cikin robar da asibiti ke bayarwa, ki kai ɗakin gwaji cikin 'yan awoyi, kafin ki haɗiyi ko ƙwaya ɗaya. Likita ba zai jira sakamako ba, zai fara miki magani a ranar bisa abin da gwajinki na baya ya nuna, idan sakamakon ya fito bayan kwana biyu ko uku a canza idan da buƙata. A wannan lokaci ki ƙara atisayen fitar da kaki zuwa sau uku ko huɗu a rana, domin magani ba ya ratsa mugunyar da ta taru da kyau.

Ƙwayar cutar da aka fi samu ita ce Hemofilus influwenza, kuma akan ba da amoksisilin, ko amoksisilin haɗe da kilabulanet, ko doksisaikilin ga wadda jikinta ba ya karɓar fenisilin, sai dai doksisaikilin ba na mai ciki ba ne. Tsawon shan magani a wannan ciwo yawanci kwana 14 ne, ba uku ko huɗu ba. Abin da ke faruwa idan aka sha na kwana uku shi ne a rage yawan ƙwayoyin cutar har a ji sauƙi, masu taurin kai su rage su sake hayayyafa, a hankali kuma a wayi gari da wadda ba ta jin maganin da aka saba. Wadda muka fi tsoro ita ce Sudomonas, domin tana kafa gida a bututun da ya lalace, tana sa ciwon yawan tashi, kuma a cikin magungunan sha da aka saba, dangin siprofuloksasin ne kaɗai ke kama ta. Idan suka gaza sai allura ta jijiya a asibiti. Ina roƙonki musamman kada ki riƙa sayen siprofuloksasin ko lebofuloksasin da kanki. Bayan haɗarin Sudomonas ta daina jin su, suna taɓa ƙwayar tarin fuka ba tare da sun kawar da ita ba, su ɓoye alamunta su jinkirta gano ta idan ta dawo. Idan likita ya rubuta miki su, kada ki sha tare da madara, ko maganin ƙwannafi, ko maganin ƙarin jini, domin suna hana hanji tsotse su, kuma ki tsayar ki koma asibiti idan agarar dunduniyarki ta fara ciwo.

Tashin ciwo duk bayan wata biyu yana nufin kusan sau shida a shekara, kuma ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce daga sau uku a shekara ake tunanin maganin rigakafi na dogon lokaci. Wanda aka fi amfani da shi shi ne azitromaisin, sau uku a mako na tsawon watanni, kuma bincike ya nuna yana rage yawan tashin ciwon sosai. Amma ba a fara shi da ka. Sai an tabbatar kina yin atisayen daidai, an auna bugun zuciya da na'ura, an tambayi lafiyar jinki domin yana iya taɓa kunne, sannan an shuka kaki an tabbatar babu wasu 'yan'uwan ƙwayar tarin fuka da ke zaune a ƙasa da ruwa, domin ba su azitromaisin shi kaɗai yana koya musu jure shi, alhali shi ne ginshiƙin maganinsu. Ki kuma tambaya game da allurar rigakafin nimoniya da ta mura mai tsanani.

Jinin da kika gani yana fitowa ne daga jijiyoyin bangon bututun da suka kumbura. Ɗan zirin jini a cikin kaki lokacin tashin ciwo abu ne da aka saba gani, yakan tsaya idan aka magance ciwon, amma ki gaya wa likita kowane lokaci, domin a ramin da tarin fuka ta bari naman gwari yakan yi dunƙule ya riƙa sa zubar jini, kuma maganin ƙwayoyin cuta ba ya taɓa wannan naman gwari. Idan kuwa jini ne zalla da ya wuce cokalin cin abinci ɗaya ko biyu, ko yana ta fitowa bai tsaya ba, ki dakatar da atisayen, kada ki sha asfirin ko ibufurofen, ki kwanta a kan gefen da kika san shi ne ya lalace domin jinin kada ya malala cikin huhu mai lafiya, a kai ki asibiti nan take ko da tsakar dare ne. Haka nan idan haki ya hana ki gama magana, ko leɓɓanki suka canza launi, ko zazzaɓi ya ƙi sauka bayan kwana biyu ko uku da fara magani, wannan ba na jinya a gida ba ne.

Kafin ranar ganin likita ta gaba, ki sami ƙaramin littafi ki riƙa rubuta yawan kaki da launinsa, da ranar da kowane tashin ciwo ya fara, da sunan maganin da kika sha da kwanakin da kika sha shi. Ki tafi da shi tare da hoton siti sikan ɗin, da katin maganin tarin fukanki na da, da duk sakamakon gwajin kaki da kike da shi, ki kuma nemi a shuka kakinki yanzu da kike cikin sauƙi, domin a san wace ƙwayar cuta ce ke zaune a huhunki kuma wane magani take ji tun kafin ciwon ya sake tashi.